Hannu da Hannu, Cinikin Makaho: Yadda Za Ki Sayi Gwal a Makka Ba Tare da Kin Faɗa Riba Ba

Shekaru da dama ke nan ina raka baƙi kasuwa a Makka, musamman mata 'yan Umara da alhazai masu son a yi musu tafinta a shagon gwal. Daga kasuwar Utaibiyya har shagunan da ke kewayen Harami, wani lokacin ma mu gangara Jidda mu shiga Balad, abin da na fi gani iri ɗaya ne. Hajiya ta san giram, ta san ƙarat, ta iya taya kaya har sai mai shago ya yi gumi, amma da an zo wajen biya sai a yi abin da zai ɓata cinikin gaba ɗaya, ita ba ta sani ba, shi kuma ya sani ya yi shiru don kada ciniki ya wuce shi. Da mata nake magana a nan don su suka fi shiga wannan kasuwa, amma hukuncin bai bar maza ba.

Bari in fara gyara wata kalma da ke rikita mutane. A Hausa in an ce riba, ana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, wannan kuma halal ce. Ribar da zan yi ta ambata a nan ita ce wadda Alƙur'ani ya haramta, wadda muke kira kuɗin ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka sai an ba da bashi an karɓi ƙari ake shiga cikinta. A cinikin gwal kuwa ana iya faɗa mata ko da ba a ƙara sisi ba, jinkiri kawai ya isa.

Me ya sa gwal ya bambanta da atamfa

In kin ɗauki turmin atamfa ko abaya bashi, kin ce sai ƙarshen wata, babu laifi. Gwal ba haka yake ba. A hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ambaci abubuwa shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Ya ce in za a musanya ɗayansu da irinsa, sai dai daidai da daidai, kuma hannu da hannu. In nau'in ya bambanta, a sayar yadda aka ga dama, muddin dai hannu da hannu ne. Wato zinariya da zinariya sharaɗi biyu ne, daidaito da karɓa nan take. Zinariya da azurfa sharaɗi ɗaya ne, karɓa nan take.

To ina riyal da naira suka shigo? Malaman wannan zamani sun zauna a kan batun kuɗin takarda. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke a shekarar 1393 ta Hijira cewa kuɗin takarda kuɗi ne mai zaman kansa, hukuncin zinariya da azurfa ya hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a 1986. Saboda haka in kin miƙa riyal kin karɓi sarƙa, a idon shari'a canji kika yi, abin da malamai ke kira sarfu, kamar yadda ake canza dinari da dirhami a da. Farashi kuwa yadda kuka daidaita, ki taya yadda kike so, shi ma ya ce albarka yadda yake so. Abin da ba a yarda ba shi ne ɗaya ya tafi da nasa, ɗaya ya zauna jira.

Labarin da ya fi fito mini da abin fili shi ne na Malik ɗan Aus, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Ya nemi canjin dinari 100, ya daidaita da Ɗalha ɗan Ubaidullahi. Ɗalha ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a wajen Madina. Sayyidina Umar yana ji, sai ya rantse cewa kada ya rabu da shi sai ya karɓi nasa. Ki duba fa, Ɗalha ne, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ba wanda ke tsoron zai gudu da kuɗin. Duk da haka Umar bai bari ba. Don haka maganar "ai na san shi, shekara goma muna ciniki" ba ta shiga nan. Ba amana ake tuhuma ba.

Kafin ki bar masauki

Mataki na farko a ɗaki ake yin sa. Ki san nawa ne a hannunki na riyal tsaba, da nawa ne a katin da zai yi aiki a na'urar shago. Kuɗin da ke asusunki na Kano ko Yamai, wanda kike sa ran za a turo, kada ki lissafa shi cikin na yau. In canji za ki yi daga naira ko sefa ko dala, ki gama shi tun kafin ki taka ƙofar mai gwal, domin shi ma canjin hukuncinsa ɗaya da na gwal: lokacin da nairarki ta shiga hannun ɗan canji ko wakilinsa, a lokacin riyal zai shiga naki. Ki tura naira da safe a ce ki zo bayan isha'i ki karɓi riyal a kan farashin safe, wannan jinkirin da ake gudu ne. Sannan ki bi ta wurin canjin da hukuma ta yarda da shi, ƙasar nan ba ta wasa da harkar tura kuɗi ta bayan fage.

A cikin shago: tambaya daban, ƙulla ciniki daban

Wannan shi ne abin da in kin riƙe shi, sauran duk za su zo da sauƙi. Tambayar farashi, gwada awarwaro a hannu, ɗora shi a sikeli, taya shi, har mai shago ya ce ya sallama a kan kaza, duk wannan bai zama saye ba tukuna. Saye yana faruwa ne a lokacin da kika ce na saya, ya ce na sayar, kuɗi ya tafi, kaya ya zo. Duk lokacin da kika ga kuɗi ba zai cika ba, kada ki jinkirta biya. Ki jinkirta sayen kansa.

Saboda haka ki gama komai tun kafin ki furta kalmar saye. Ki duba hatimin da ke jikin kayan: ƙarat 21 ana buga masa 875, ƙarat 18 kuma 750. Ki sa a auna a gabanki ki ga lambar da idonki. In akwai duwatsu a jiki, ki tambaya ko an cire nauyinsu. Ki sa ya faɗa miki kuɗin giram na ranar, da kuɗin aiki da suke kira masna'iyya, da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kayan ado, ya haɗa miki jimla ɗaya. Sau da yawa a nan ake samun giɓi. Hajiya ta yi lissafinta a kan kuɗin giram kawai, sai an buga jimla ta ga dubu ɗaya ko biyu sun ɗaru a kan abin da ke jakarta, alhali ta riga ta sa awarwaron a hannu, zuciya ta kwanta a kansa.

In jimla ta fito kuma kuɗinki ya kai, ki ƙirga ki miƙa, ya ƙirga, ya miƙo kaya da fatura, wato rasit, a tsaye a wurin. Mazhabobin Hanafi, Shafi'i da Hambali sun ce muddin ba ku rabu daga majalisin ba, wato wurin da kuke cinikin, karɓar ta inganta ko da an ɗan ɗauki lokaci. Mazhabar Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kai, ta fi tsanantawa: tana son a yi nan take, ba ta son dogon jinkiri ko da kuna zaune tare. Wani ƙaramin abu da ke faruwa kullum a Makka: ana tsakiyar ciniki sai a kira salla, yaron shago ya fara jan ƙofa. In kin riga kin miƙa kuɗi, kada ki fita sai da kayanki. In ba za a gama ba, ki karɓi kuɗinki, a sake sabon zance bayan an sallame.

In kuɗi bai cika ba

Bari in ba da misali da abin da ya faru a gabana, da lambobin da na daidaita don lissafi ya yi sauƙi, tunda farashin gwal kullum motsi yake. Wata gwaggona ta zo Umara, na raka ta wani shago. Ta zaɓi awarwaro huɗu ƙarat 21, kowanne giram 10. Bayan an haɗa aiki da haraji, giram ya tsaya a riyal 400. Giram 40 ke nan, riyal 16,000. Da ta zazzage jaka, 12,000 aka samu. Saura 4,000.

Mai shagon, wanda ya iya 'yar Hausarsa ta kasuwa, ya tura akwatin gabanta ya ce, "Hajiya ɗauka, ba komai, gobe ki kawo."

Ta juyo ta dube ni tana murmushi. "Ka ga mutumin kirki ko? Ɗana zai turo da daddare."

Na ce, "Gwaggo, kirkinsa ba zai gyara cinikin ba. Ki ajiye ɗaya."

"Saboda dubu huɗu? Ni zan cinye masa?"

"Ba za ki cinye ba. Amma in kin fita da huɗun nan, kin sayi giram 10 na gwal bashi."

Ga hanyoyin da ke gabanta a wannan lokacin. Mafi sauƙi, ta sayi uku: giram 30, riyal 12,000, a rubuta fatura a kansu kaɗai, ta tafi da su. Na huɗu ya zauna a shago a matsayin kayan mai shago. Tana iya roƙonsa ya ajiye mata zuwa gobe, shi kuma ya yi alkawari, amma alkawari ne kawai. In ta dawo gobe sabon ciniki za a yi. In giram ya tashi zuwa 405 kuma ya ce sai haka, ta biya 4,050. In ya sauka ta ci sauƙin. In ya ga dama ya bar mata a farashin jiya, wannan kyautatawarsa ce a lokacin, ba wani abu da ya hau kansa tun jiya ba. In awarwaron ya ɓace cikin dare, asararsa ce, domin bai zama nata ba. Da wannan tambayar ake gane ko an yi saye ko ba a yi ba: in kayan ya salwanta yanzu, wa ya yi asara?

Hanya ta biyu, ta ranci 4,000 a wurina ko wurin wata abokiyar tafiya, ta cika wa mai shago kuɗinsa cif, ta tafi da huɗun. Bashin ya koma tsakanina da ita, rance ne na riyal, za ta mayar da 4,000 ba ƙari. Wannan halal ne, domin mai gwal ya karɓi haƙƙinsa a majalisi. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne mai shagon da kansa ya ciro 4,000 daga aljihun teburinsa ya ce ya ranta miki, ki mayar masa a matsayin ciko. Kuɗin bai je ko'ina ba, suna kawai aka sauya wa bashin, malamai da yawa kuma suna ganin wannan dabara ce.

Hanya ta uku, ta zauna a shagon ba tare da an ƙulla komai ba, ta kira ɗanta, sai kuɗi ya iso sannan a yi saye.

Gwaggo ta ɗauki ta farko, tana ta mita har muka hau mota. Washegari ta koma ta ɗauko na huɗun.

Da a ce ta tafi da huɗun a kan 12,000 fa? A nan malamai sun rabu. Wasu sun ce cinikin ya inganta a gwargwadon abin da aka biya, ya ɓaci a sauran, suna kafa hujja da abin da aka faɗa wa Bara'u ɗan Azib da Zaidu ɗan Arƙam, cewa abin da ya kasance hannu da hannu su riƙe, na jinkiri su bar shi. A wurin Malik kuwa cinikin gaba ɗaya ya rushe. Shi ya sa raba kayan tun farko ya fi, kowa ya yarda da shi. In kuma abu ɗaya ne da ba ya rabuwa, kamar sarƙa guda mai giram 40, to babu zancen biyan rabi, sai rance daga wani ko haƙuri.

Kafin alƙalami ma haka. Ki ba da 2,000 a kan an sayar miki da sarƙa a farashin yau, ki kawo sauran ranar Alhamis ki ɗauka, wannan ciniki ne da kuɗi bai cika ba kuma kaya bai fita ba. Bai halatta ba.

Kati, tura kuɗi, da hoton rasit

Yanzu rabin cinikin kasuwa da kati ake yi, a nan suna cewa shabaka. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya halatta sayen gwal ta wannan na'ura muddin ana cire kuɗin nan take daga asusun mai saye zuwa na mai sayarwa. Wato katin da ke cire kuɗinki da ke ajiye, irin katin mada na Saudiyya, ya zama kamar kin miƙa tsaba. Ki tsaya har na'ura ta nuna an karɓa, takarda ta fito. In ta nuna an ƙi, ko ta tsaya tana juyi, alhali ke an cire miki, kada ki ɗauki kayan a kan "zai shigo". Ba a biya shi ba tukuna. Ki bar gwal ɗin, ki bi sawun kuɗinki, ki dawo.

Katin bashi, wanda banki ke biya a madadinki ki biya shi daga baya, Majalisar Fiƙihu ta ce a zamanta na Riyad a shekarar 2000 ba a sayen zinariya ko azurfa ko kuɗi da shi in babu kuɗin mai shi a ciki. Akwai malaman da suka sassauta, amma ni ban ga dalilin shiga saɓani a abin da ake iya kauce masa ba. Haka nake kallon tsarin nan na biya kashi huɗu da ake tallatawa a waya. Cakin banki da aka tabbatar da kuɗinsa kuwa, majalisar ta yarda da shi a zamanta na Abu Dabi a 1995, in an miƙa shi a majalisin ciniki.

Inda 'yan uwanmu suka fi zamewa shi ne tura kuɗi. Wasu shagunan suna da yaro Bahaushe ko dillali mai asusu a Najeriya, a ce ki tura naira can. Sayen gwal da naira kai tsaye ba laifi ba ne a kansa, in mai asusun wakilin mai shago ne da gaske, kuma kuɗin ya shiga kuna tsaye. Amma hoton rasit da ɗanki ya turo ta waya ba karɓa ba ne. Karɓa ita ce mai asusun ya duba ya ga kuɗi ya zauna. Mun san halin layin banki, a cire a nan, ya maƙale a hanya, ya dawo bayan kwana biyu. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Na karɓar wa wata baƙuwa 'yan kunne a wani shago a kan hoton rasit, ranar Alhamis da dare, muka tafi. Kuɗin bai shiga ba sai Lahadi, tunda Juma'a da Asabar hutu ne a nan. Kwana uku gwal yana hannunmu ba a biya ba. Da na tambayi malaminmu, ya ce in koma da kayan. Na koma, na ajiye su a kan tebur, muka warware na farko, ya tabbatar kuɗi na asusunsa, muka sake ƙullawa, na ɗauka. Mai shagon yana ta dariya, wai wahalar da kaina nake. Minti biyar abin ya ci.

Tsohon gwal da sabo

Wannan kusan kowace Hajiya tana yi. An zo da tsohuwar sarƙa daga gida, ana so a ba da ita a yi ciko a ɗauki sabon yayi. A ce tsohuwar giram 25 ce ƙarat 21, mai shago zai saye ta a 350, kuɗinta 8,750. Sabuwar ma giram 25 ce a 400, kuɗinta 10,000. Sai ya danna na'urar lissafi ya ce kawo 1,250. In kin yi haka, kin ba da gwal giram 25 da ƙarin kuɗi, kin karɓi gwal giram 25. Zinariya da zinariya ke nan ba daidai ba, kuma a wurin jumhurun malamai, wato mafi yawansu, kyan ƙira ko sabunta ba ya halatta ƙarin.

Gyaran yana cikin abin da Annabi (SAW) ya koya wa ma'aikacinsa na Haibara, wanda ke ba da mudu biyu na dabino maras kyau ya karɓi ɗaya na mai kyau. Ya hana shi, ya ce ya sayar da nasa da dirhami, sannan ya sayi mai kyan da dirhamin. Haka za ki yi. Ki sayar da tsohuwar, ki karɓi 8,750 a tafin hannunki, ki ƙirga. Ciniki na farko ya ƙare. Kada ya kasance da sharaɗin sai kin saya a wurinsa, in ya ce ba zai saya ba sai in za ki ɗauki sabuwa, ki tattara ki yi gaba. Da kuɗin a jakarki kina da 'yancin fita, kuma malamai da dama sun fi son ki fita ɗin, ki zaga wasu shaguna, in ba ki sami wadda ta fi ba ki dawo. Ko ta fuskar kasuwa wannan ya fi miki, domin mai shagon da ya san kuɗin na iya fita ƙofa ya fi saurin rage masna'iyya.

Sautu, da sayarwa a gida

Ba mai zuwa Makka da ba a ba ta sautu ba. In ƙawarki ta ba ki kuɗinta tun a gida, ko ta turo ya iso hannunki, ta ce ki sayo mata zobe, ke wakiliya ce. Hannunki hannunta ne. Kin biya kin karɓa a shago, ciniki ya inganta, ko da zoben zai yi wata kafin ya isa Zariya. In kuma ta ce ki saya mata da kuɗinki za ta biya in kin dawo, kin ranta mata ne kuma kin wakilce ta, sai ta mayar da daidai abin da kika kashe, ba za ki ɗora ƙari a kai ba.

Wanda bai halatta ba shi ne wanda ya fi yawa yanzu. Kin sayi kaya da kuɗinki don kasuwanci, kin ɗauki hoto kin sa a waya, wata a Kaduna ta ce tana so, kin faɗi farashi da ribarki ta kasuwa, ta turo kuɗi yau, kaya sai kin sauka bayan sati biyu. A nan ke mai sayarwa ce, kuɗi ya zo, gwal bai tafi ba. Ko dai ta wakilta wani nata da ke Makka ya zo ya karɓa a lokacin da kuɗin ke shiga, ko ta yi miki alkawari kawai, in kin sauka ku haɗu a yi ba ni in ba ka.

Sai babbar magana, bayar da gwal bashi ga matan unguwa da ma'aikata, ana biya wata-wata. Na san da wannan gidaje da yawa ke ci, kuma na san abin da ake cewa, bashi hanji ne. Gaskiya ita ce mazhabobi huɗu duk sun hana. Akwai ra'ayin Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim cewa zinariyar da aka ƙera ta zama kayan ado ta fita daga hukuncin kuɗi ta koma haja, ana iya sayar da ita da jinkiri, muddin ba a nufe ta a matsayin kuɗi ba. Wasu malaman zamani sun bi su. Ba zan ɓoye wannan ba, amma ki lura da sharaɗin. Mu Hausawa me ya sa muke sayen gwal? Wace uwa ce ba ta ce wa 'yarta "ki ajiye, kadara ce, ranar matsi ki sayar" ba? Wadda ta zaɓi ƙarat 21 mai ƙaramin aiki don kada ta yi asara ranar sayarwa, ajiyar kuɗi take yi. Ga kuma hadisin Fadala ɗan Ubaidu a Muslim: ya sayi abin wuya ranar Haibara a kan dinari 12, akwai zinariya da duwatsu a jiki, da ya rarrabe sai ya sami zinariyar ta fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar sai an rarrabe. Abin wuya ne ƙerarre, amma an bi da shi ta hukuncin zinariya. Wannan ya sa ni na tsaya tare da jumhur.

Mafitar da na ga tana aiki ita ce a juya tsarin. Maimakon ta ɗauki sarƙa ta riƙa biya, ta riƙa tara kuɗin, a wurinki ko a adashi, da sunan ajiya, tana da ikon karɓar abinta duk ranar da ta so. Ranar da ya cika, ku zauna, a duba farashin ranar, ki miƙa mata kuɗinta ta miƙo miki, ki ba ta sarƙa. Kada a tsayar da farashi tun ranar zubin farko, in an tsayar an koma gidan jiya.

Abu biyu kuma a gurguje. In kina so ki kai kaya masauki Alhaji ko amarya su gani, kada ki saya da sharaɗin in bai yi ba za ki dawo da shi, domin canji ba ya karɓar irin wannan zaɓin. Ki karɓa a matsayin amana in mai shago ya yarda, in ya yi ki dawo da shi a ƙulla. Mayar da kaya saboda aibi, kamar a ce 21 ne ya fito 18, wannan haƙƙinki ne daban. In kuma ƙira za ki bayar, irin sarƙa mai suna, kada ki biya kuɗin gwal yau ki karɓa mako mai zuwa. Ki sayi gwal ɗin ki karɓa, sannan ki ba maƙeri ya yi miki aiki da lada, ko ya ƙera da nasa, in ya gama ki saya.

In an riga an yi

In gwal ɗin yana hannunki kuma mai shi yana kusa, ki yi yadda na yi da 'yan kunnen nan: ki mayar, ki karɓi abin da kika bayar, ku sake sabon ciniki da cikakken kuɗi. In abin ya daɗe, kin koma gida, ko kayan ya riga ya shiga lefe ya tafi, ki gaggauta biyan abin da ya rage, ki yi istigfari, sannan ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin yadda aka yi dalla-dalla: nawa aka biya a wurin, nawa ya rage, kin san hukuncin a lokacin ko ba ki sani ba, kuma kayan yana nan ko ya fita. Amsar tana sauyawa da waɗannan, don haka ki tafi da faturar in tana nan.